Karan ɗori a ƙarshen layi: yaushe ake cire shi, yaushe ake barin sa

Wani dattijo daga cikin Hausawan da suka daɗe a Makka ya ba ni aikin kwafe wani ɗan littafi na boko da aka buga tun yana yaro, wanda ke ba da labarin masu zuwa hajji a ƙasa ta hanyar Sudan. Littafin kansa ba ya hannunmu, yana wurin danginsa a can gefen garin Sinnar na Sudan, abin da ya iso mana hotunan shafuka ne da aka ɗauka da waya. Na zuba hotunan a manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, ta fitar da baƙaƙen layi bayan layi, sannan na nemi wani matashi haifaffen Makka ya taimaka mini da gyara. A shafin farko ya tsaya ya tambaye ni abin da ɗan karan nan da ke ƙarshen wasu layuka yake nufi, da kuma dalilin da ya sa aka yanke kalma gida biyu.

Tambayarsa tana kan hanya, domin shi da Larabci ya buɗe ido, kuma a rubutun Larabci na ɗab'i ba a yanke kalma a kai rabinta layi na gaba. Idan layi bai cika ba, sai a ja harafi ya yi tsawo, abin da ake kira taɗwili ko kashida, har ƙarshen layin ya yi daidai da na sauran. A boko kuwa ba a jan harafi, saboda haka mai jera haruffa a maɗaba'a, idan wuri ya ƙure masa a tsakiyar kalma, sai ya yanke ta, ya sa karan ɗori, ya ƙarasa a ƙasa. Gwargwadon ƙuncin layi, gwargwadon yawan yankan, shi ya sa tsofaffin jaridu masu siraran ginshiƙai, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, suka fi littattafai yawan wannan abu.

Matsalar ita ce alama ɗaya ce take ayyuka biyu. Akwai karan da mai ɗab'i ya sa don wuri ya ƙure, wanda ba na kalmar ba ne, kuma da layin ya fi haka tsawo da ba za a gan shi ba. Akwai kuma karan da marubuci ya sa da hannunsa domin haka yake rubuta kalmar, kamar a “tafiye-tafiye” ko “daban-daban”. Idan irin wannan kalma ta zo ƙarshen layi, mai ɗab'i ya fi son ya yanke ta daidai wurin karanta na asali, don nan ne ya fi sauƙi, kuma ba ya ƙara wani karan na biyu. A hoto, da wanda mai ɗab'i ya sa da wanda marubuci ya sa duk siffa ɗaya ce, tawada ɗaya, tsawo ɗaya. Hoton ba zai taɓa bambance su ba, mai kwafe ne zai yanke hukunci, kuma hukuncin bai wuce uku ba: ko ya cire karan ya haɗe kalmar, ko ya bar karan ya jawo rabin na biyu ya manna, ko ya yarda cewa hujja ba ta isa ba ya sa alamar shakka.

Kafin a kai ga hukunci, dole a tabbatar cewa karan yana nan a takardar, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne a hoton waya. Karan ɗori a rubutun littafi tsawonsa bai wuce milimita 1 da ɗan wani abu ba, kaurinsa kuwa kamar rubu'in milimita. A hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin da aka saba nema don wannan aiki, milimita 1 tana ɗaukar ɗigo kusan 12, wato kaurin karan ɗigo 3 ne kacal. Idan manhajar aika saƙo ta matse hoton ya koma rabin girmansa, kaurin ya koma ɗigo 1 ko 2, sai ya dushe ya zama toka-toka, manhajar karatu ta ɗauke shi aya, ko waƙafi, ko ta tsallake shi gaba ɗaya. Shi ya sa na roƙi a sake turo mana shafukan a matsayin fayil, ba a matsayin hoto na yau da kullum ba. Abu na biyu kuma, a littafin boko ƙarshen layukan shafin hagu yana faɗawa ne a cikin kwarin ɗinki, inda takarda ke lanƙwasawa kuma inuwa ke taruwa, saboda haka a shafukan hagu ne aka fi rasa karan. Alamar da ke nuna an rasa shi ita ce ka ga layi ya ƙare da guntun da ba kalma ba ne, kamar “makaran”, na ƙasa kuma ya fara da “tar”. Kishiyar haka ma tana faruwa: ɗigon tawada ko cin gara a gefen shafi yakan fito a matsayin kara a bayan cikakkiyar kalma. Duk wurin da na yi kokwanto, ina faɗaɗa hoton ne in duba tsayin alamar, domin karan gaskiya yana zaune a tsakiyar tsayin ƙananan haruffa, a miƙe yake, kuma tsawonsa ɗaya da na sauran karan da ke shafin.

Da aka kammala wannan, ban bari a haɗe komai da umarni ɗaya ba, ko da yake shi ne abin da ya fi sauri, kuma shi mutane da yawa suke yi: a share kowane kara da ke ƙarshen layi a jawo na ƙasa. Abin da na yi shi ne na fitar da jerin wuraren duka, kowanne da layin da ke bin sa da lambarsa, da wannan umarni na kwamfuta da ke duba fayil ɗin da na ajiye rubutun a ciki, littafi.txt:

```
grep -n -A1 -- '-[[:space:]]*$' littafi.txt
```

Daga nan muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Zan kawo na shafi guda, na sa alamar / a wurin da layi ya ƙare.

Na farko shi ne “makaran-/tar allo”, kuma irinsa ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Babu rabin da ke tsaye da ƙafarsa, yankan ya faɗa a kan iyakar gaɓa, haɗewar kuma ta ba da sananniyar kalma. An cire karan, an wuce. Wanda ya san tsarin gaɓar Hausa, wato baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi, zai gane irin wannan yanka da kallo ɗaya, kamar “gwam-/nati” da “sal-/la”. Sai dai ba kowane mai jera haruffa ne yake jin Hausa ba, saboda haka akan ci karo da yanka a tsakiyar tagwayen baƙaƙe, kamar “gis-/hiri” wanda ya raba “sh” gida biyu. Munin yankan ba ya canza hukunci, hasali ma yana ƙarfafa shi, domin babu marubucin da zai sa kara a tsakiyar “sh” da gangan.

Na biyu shi ne “sun bi gida-/gida suna neman guzuri”. A nan idan aka share karan za a sami “gidagida”, kalmar da babu ita a rubuce, kuma wanda ya zo neman “gida-gida” a cikin kwafin ba zai same ta ba. Ninki ne cikakke, kuma ƙa'idar rubutun Hausa tana sa masa kara, kamar “maza-maza”, “biyu-biyu”, “iri-iri”, “gine-gine”. An bar karan, an jawo rabin na biyu. Ganin haka sai matashin nan ya ce ai an sami doka mai sauƙi: duk inda rabin farko ya yi daidai da na biyu, a bar karan. Dokar tana aiki a wurare masu yawa, amma layi kaɗan a ƙasa muka tarar da “ba dai-/dai ba ne”, ita kuwa “daidai” a haɗe ake rubuta ta. Haka “ka-/ka”, da “ba-/ba”, da “ko-/ko”, duk rabinsu biyu iri ɗaya ne, amma kalmomi ne guda-guda, ba ninki ba ne na wata kalma. Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne, shin rabin nan kalma ce da ke da ma'anarta, kuma ninka ta ne ya haifar da ma'anar da jimlar ke buƙata? “Gida” kalma ce, “gida-gida” kuma daga gare ta ta fito. “Ka” a cikin “kaka” ba ta da wata alaƙa da ma'anar kaka. Ita “daidai” a tsakani take, domin akwai tsofaffin rubuce-rubuce da ke raba ta, saboda haka ban yanke mata hukunci da ƙa'idar yau ba, na tambayi littafin kansa.

Wannan tambayar littafin ita ce ginshiƙin aikin duka, kuma a kanta nake so in daɗe. Mai kwafe ba mai gyaran rubutu ba ne. Ba a ba shi aikin mayar da tsohon littafi kan ƙa'idar da aka daidaita daga baya ba, kuma an san cewa ƙa'idojin rubutun Hausa sun bi ta tarurruka da dama, har da na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, kafin su zauna yadda muka san su. Littafin da aka buga kafin nan yana da nasa al'adar, kuma wurin da wannan al'ada take bayyana ba tare da wani ruɗani ba shi ne tsakiyar layi, inda mai ɗab'i ba shi da dalilin sa kara. Idan kalmar da ake shakka ta zo a tsakiyar layi a wani shafin, to marubucin ya riga ya ba da amsa da hannunsa. Mun nemi “daidai” mun same ta a haɗe a duk inda ta zo a tsakiyar layi, sai muka cire karan da natsuwa.

Wanda ya fi wannan wuya shi ne “babu wani ci-/gaba da aka samu”. Wannan kalma har yau Hausawa na rubuta ta iri uku, “ci gaba”, da “ci-gaba”, da “cigaba”. Na ƙirga yadda ta zo a littafin da wannan:

```
grep -o -i -E 'ci[- ]?gaba' littafi.txt | sort | uniq -c
```

Da yake umarnin layi-layi yake dubawa, ba ya ƙirga waɗanda aka yanke a ƙarshen layi, kuma abin da ake so ke nan, don kada abin da ake tuhuma ya zama shaida a kan kansa. Sakamakon ya nuna “ci gaba” sau da yawa, “ci-gaba” sau 3, “cigaba” kuwa ko sau ɗaya babu. Da an bi rinjaye kawai da an rubuta ta a rabe, amma hakan kuskure ne ta fuska biyu. Ta farko, karan yana nan a takarda, kuma mai ɗab'i ba ya sa kara tsakanin kalmomi biyu da fili ya riga ya raba, saboda haka “ci gaba” ba ta cikin zaɓi tun farko. Ta biyu, da muka karanta wuraren ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga marubucin yana raba ta ne idan aikatau ce, kamar “suka ci gaba da tafiya”, yana kuma sa mata kara idan suna ce. A jimlarmu suna ce, saboda haka aka bar karan. Ƙirga tana nuna inda za a duba, amma sai an karanta jimlolin kafin a san abin da ƙirgar take faɗa.

Akwai wata hujja da harshen kansa yake bayarwa, wadda na ga ba a cika lura da ita ba. A shafin akwai “ya haɗu da ɗan-/uwansa”. A Hausa gaɓa ba ta farawa da wasali tsirara, kuma idan hamza ta zo a tsakiyar kalma ana rubuta ta, kamar a “jama'a” da “sana'a”. Wanda yake rubuta wannan kalma a haɗe, “ɗan'uwa” yake rubutawa. Saboda haka idan rabin na biyu ya fara da wasali kuma babu alamar hamza a ƙarshen layin sama ko a farkon na ƙasa, alama ce mai ƙarfi cewa karan na marubuci ne, “ɗan-uwansa” yake nufi. Share karan zai ba da “ɗanuwansa”, wadda mai karatu zai fara furtawa ɗa-nu-wan-sa kafin ya gane. Sai dai a nan ma a koma ga hoton a faɗaɗa, domin alamar hamza ta fi karan ɗori ƙanƙanta, kuma ita ce ta farko da ke ɓacewa idan hoto ya dushe.

Lambobi kuwa ba a taɓa haɗe su. Layin da ya ce “sukan yi kwana 3-/4 a bakin ruwa” idan aka share masa kara zai koma kwana 34, kuma wannan ya fi “gidagida” haɗari, domin ita ido zai kama ta, shi kuwa 34 ba wanda zai yi zargin sa. Haka ma idan rabin na biyu ya fara da babban baƙi, karan na asali ne, domin babban baƙi ba ya zuwa a tsakiyar kalma guda.

A ƙarshen shafin aka sami wani nau'in daban. Layin ƙarshe ya ƙare da “Sawa-”, sai manhajar ta biyo shi da lambar shafi, sannan taken littafin da ake maimaitawa a saman kowane shafi, sannan “kin” a farkon shafi na gaba. Sawakin ce, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Bahar Maliya da alhazai ke tsallakowa Jidda daga cikinta. Umarnin haɗewa na makanta da ya manna “Sawa” da lambar shafi. Irin haka na faruwa a shafi mai ginshiƙai biyu idan manhaja ta karanta layi a miƙe daga ginshiƙin hagu zuwa na dama, sai rabin kalma ya auri wani rabin da ba nasa ba. Marubutanmu na ajami sun daɗe da maganin makamanciyar wannan matsala, domin warƙoƙinsu a sake suke ba ɗinki, sai su rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ake ciki. Mai aiki da hotunan waya ma warƙoƙi sakakku ne a hannunsa, kuma rabin kalmar da ke ƙarshen shafi yakan yi masa wannan aikin: idan “Sawa-” ba ta sami “kin” a hoto na gaba ba, to ko dai an tsallake shafi wajen ɗauka, ko jerin hotunan ya hargitse.

Wasu sukan dogara da jerin kalmomi, su ce idan haɗaɗɗiyar kalmar tana cikin ƙamus a haɗe, idan babu a bar kara. A Hausa wannan yana da rauni, domin kalma ɗaya tana zuwa da ɗafe-ɗafe masu yawa, “makarantar”, “makarantarsu”, “makarantunmu”, kuma ba kowane jeri ne ya tattara su ba. Ƙari a kan haka manhajar karatu tana yawan zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, sai “ƙa-/sa” ta fito “ka-/sa”, jerin kuma ya amince da “kasa” tun da kalma ce, a haɗe ta daidai amma a bar ta da kuskuren da ya fi na karan girma. Don haka duk kalmar da na tsaya a kanta saboda kara, nakan duba ƙugiyarta a lokaci guda.

Saura guda ɗaya da ya gagare mu, shi ne “suka sauka a Mai-/wurno”. Garin sananne ne, yana bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kuma ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, shi Mai Wurnon ne kuma ya jagoranci masu hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da “w” ɗin babba ce da an gama magana, amma ƙarama ce, saboda haka “Maiwurno” tana yiwuwa, “Mai-wurno” ma tana yiwuwa. Sunan bai sake zuwa a littafin ba. Na nemi makamantansa, wato sunayen da ke farawa da “Mai”, don in ga al'adar marubucin, na sami “Maiduguri” a haɗe da wani laƙabi guda mai kara, ke nan shaidun sun rabu biyu.

Da na kai wa dattijon maganar, ya ce, “Kai yaro, garin da kakanninmu suka zauna ne za ka ce ba ka san yadda ake rubuta shi ba? Rubuta shi a haɗe kawai.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, yadda mu muke rubutawa na sani, yadda shi mai littafin ya rubuta ne takardar ba ta nuna ba, kuma ba na so in sa masa abin da ban gani ba.” Mafitar da muka tsaya a kai ita ce a ajiye kwafi biyu. Na farko yana bin takarda layi da layi, kowane kara yana inda yake, ba a taɓa komai ba, kuma shi ne abin komawa idan gardama ta taso. Na biyu na karatu ne, an haɗe kalmominsa, kuma daga na farko ake fitar da shi, ba a gyara na farkon don ya yi daidai da shi. Masu aikin adana rubutu suna da hanyoyin rubuta wannan a fayil guda: a tsarin TEI na yi wa rubutu alamomi a kwamfuta, alamar `<lb break="no"/>` tana nuna cewa layi ya ƙare a nan amma kalma ba ta ƙare ba, masu duba shafukan ma'ajiyar littattafai ta intanet mai suna Project Gutenberg kuma sukan sa tauraro bayan karan da suke shakka, wato `-*`, don wanda zai haɗa littafin daga ƙarshe ya dawo kansa. Akwai kuma harafin `U+00AD`, ɓoyayyen kara da ba ya bayyana sai layi ya yanke a kansa, amma ban ba da shawarar amfani da shi a kwafin karatu ba, domin ido ba ya ganin sa, kuma wasu manhajojin bincike sukan kasa samun kalmar da yake cikinta.

Mun ari hanyar tauraron saboda sauƙinta. A kwafin karatu da aka buga wa Malam da manyan haruffa an rubuta “Maiwurno” kamar yadda ya so, a ƙasan shafin kuma aka ƙara layi guda mai cewa a asali sunan ya yanke a ƙarshen layi bayan “Mai”. A kwafin aiki kuwa yana nan a `Mai-*wurno`, kuma mun aika wa dangin da ke Sinnar su duba bangon baya da shafin gabatarwa, waɗanda ba a ɗauko hotonsu ba, ko sunan ya zo a can a tsakiyar layi.